Nawa zan caji a kan sa wa bidiyo rubutun Turanci?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani mai ɗaukar bidiyo a nan Sakkwato ya yi shiri a kan majema da dukawa, kashi shida, kowanne kamar minti 8. Yana son in fassara maganarsu zuwa Turanci ta riƙa fitowa a ƙasan bidiyon, don masu sayen kayan fata na waje su gane. Ya ce zai ba ni naira 10,000 gaba ɗaya. Na saba fassara takardu amma ban taɓa irin wannan ba. In karɓa ko in ƙara? Kuma ta ina ake farawa? Ina da tsohuwar kwamfuta.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ka ƙirga kalmomin kawai ka ninka da farashinka. Ni takardun kamfanoni nake yi, kuma kullum da kalma nake caji, kalmar rubutun da aka kawo min ba wadda na fitar ba, domin Hausa takan fi Turanci tsawo, kada a ce ka cika surutu don kuɗi ya ƙaru. Kada ka yarda da "gaba ɗaya" ba ka san yawan abin ba.

Malam na Arkilla: Hajiya, maganarki ta ƙarshe daidai ce, amma lissafin kalma zai cuce shi a nan, don babu rubutun da aka kawo masa. Magana ce a bakin mutane, a cikin hayaniyar wurin aiki.

Ɗan uwa, aiki uku aka ɗora maka a kan kuɗin guda. Na farko ka saurara ka kwafe abin da aka faɗa da Hausa. Na biyu ka fassara. Na uku, wanda ya fi cin rai, ka daidaita kowace jimla da daƙiƙar da ta fito daga bakin mai ita. Shi ya sa a wannan sana'a da mintin bidiyo ake caji.

Ga yadda nake lissafi. Ni da hannuna ya faɗa, minti ɗaya na bidiyo yakan ci min kamar minti 10 idan sauti ya fita tas. Kai sabon shiga, ga ƙarar guduma da mutum biyu suna magana a tare, ka ɗauka minti 15. Kashi shida sau minti 8 ya ba ka minti 48. Ninka da 15, minti 720 ke nan, awa 12 cur kana zaune. Raba 10,000 da 12, ka ga awarka ta tashi a kan naira 830 da 'yan kai, ba a cire data da kuɗin cajin kwamfuta ranar da babu wuta ba. To ka juya lissafin: nawa kake son awarka ta zama? A ce 2,500. Aikin ya zama 30,000, wato naira 625 a kowane minti. Wannan misali ne, kai ka san abin da zai fitar da kai. Amma kada ka yarda da ƙiyasina ma. Ka ce ya turo kashi na farko, ka yi minti biyu daga tsakiya, ba daga gabatarwa ba inda magana take a tsanake, ka duba agogo. Abin da agogo ya faɗa shi za ka kai masa.

Sai yadda ake yi. Ka sauke Subtitle Edit, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfuta mai Windows za ta ɗauke ta. Tana nuna maka zanen sauti a ƙasa, inda ya yi tudu magana ce, inda ya kwanta shiru ne, sai ka ja da linzami daga farkon tudun zuwa ƙarshensa ka rubuta. Abin da za ka miƙa masa fayil ne mai suna SRT, shi zai ɗora a YouTube Studio.

Abin da ke kayar da mai fassarar takarda shi ne wuri. A takarda kana da fili, a nan layi biyu ne kawai, kowane layi kada ya wuce harafi 42 har da tazarar tsakanin kalmomi, kuma ido ba ya karanta fiye da harafi 17 zuwa 20 a daƙiƙa cikin natsuwa. A ce majemi ya ɗaga fata ya ce: "Wagga fata ta jar akuya ta, sai mun jiƙa ta cikin toka kwana biyu kahin mu kankare gashin, sa'annan mu sa mata bagaruwa." Ya faɗe ta cikin daƙiƙa shida da rabi. Ba za ka zuba ta duka a allo ɗaya ba, sai ka raba ta inda ya ja numfashi:

```
14
00:01:22,000 --> 00:01:25,000
This is red goatskin. We soak it in ash
for two days,

15
00:01:25,100 --> 00:01:28,500
scrape off the hair,
then tan it with acacia pods.
```

Ka lura, waƙafi ne kafin lambobi ukun ƙarshe na lokaci, ba aya ba, kuma dole a bar layi guda babu komai tsakanin 14 da 15. Na farkon harafi hamsin da 'yan kai ne cikin daƙiƙa uku, ya zauna daidai. Ka kuma lura ban ce "mu sa mata" kamar yadda ya faɗa ba, na faɗi aikin da bagaruwar take yi, wato jima, domin Bature da bai taɓa shiga majema ba ba zai san dalilin sa ta ba. Gaisuwa mai tsawo, da "ka gane ko", da maimaici, duk za ka rage su. Amma lamba, da farashi, da yawan kwanaki, waɗannan ko me za a yanke ba a taɓa su, don mai saye su yake nema.

In ka gama, ka kashe sauti ka kalli bidiyon daga farko. Duk inda ka ji hannunka yana son tsayarwa don ka ƙarasa karatu, rubutun ya yi yawa. Duk inda rubutu ya rage a allo bayan hoto ya koma kan wani mutum, ka datse ƙarshensa.

Ɗan Mabera: Allah ya saka da alheri, Malam. Na gwada minti biyu yanzu, sun ci min minti 34. Akwai wani dattijo da ban ji rabin abin da ya ce ba, ga kalmomin sana'a da ban sani ba duk da a garin nan aka haife ni.

Malam na Arkilla: To ka ga awa 12 ɗin ma ta zama kusan 14. Hannu zai saki daga kashi na uku. Shi kuma dattijon kada ka yi masa cikon baki. Ka rubuta lokacin kowane wuri da ya shige maka, ka tara su, ka tura wa mai bidiyon sau ɗaya, ko ka ce ya haɗa ka da ɗaya daga cikin yaran majemar ka kunna masa. Fassarar da aka yi da zato ita ce ke kashe suna, don ranar da wani Basakkwace mai jin Turanci ya kalla zai gane.

Baba Tafinta: Yaro, ni shekaru na yi ina tafinta tsakanin likitoci baƙi da marasa lahiya a ƙauyukan yankin Gwadabawa. Abin da munka koya shi na, ba ka ƙari ba ka ragi. Abin da mutum ya ce shi za ka ce. Wanga ragi da Malam ke faɗi bai kwanta min ba, amana ta. Kuma bagaruwa a bar ta bagaruwa, su ma su koyi sunanta.

Malam na Arkilla: Baba, Allah ya ƙara girma. A gaban likita haka ne, ko tari mara lafiya ya ambata sai a faɗa, kuma likitan yana jira ka gama. Bidiyo ba ya jira. In na rubuta komai, mai kallo zai karanta rabi hoto ya wuce, ya tashi bai samu ko ɗaya ba. Maganar bagaruwa kuwa kuna da hujja. Wani lokaci nakan sa sunan Hausa da na Turanci a karon farko in akwai wuri, daga nan in ci gaba da na Hausa.

Maman Ilham: Ni dai ina bayan Baba a kan bagaruwa. Masu sayen kayan gargajiya suna son sunan asali, shi ke sa abin ya yi daraja a idonsu. Amma mai bidiyon ya kamata ya zaɓa, kasuwarsa ce.

Na Runjin Sambo: Duk wannan wahalar ta mece ce? CapCut a waya, ka rubuta a kan bidiyon, ka fitar, shi ke nan.

Maman Ilham: Na gajeren bidiyo na minti ɗaya, e. Amma rubutun da aka manne a jikin hoto ba ya kashuwa, kuma in an ga kuskuren harafi guda sai an sake fitar da bidiyon duka an sake ɗorawa. Shi SRT gyara layin kawai za a yi.

Yayan Walida: Ni nawa ya faru bara. Na yi wa wani mai shago bidiyon talla guda huɗu, na tura duka, sai ya yanke daƙiƙa ashirin daga tsakiyar kowanne ya ce rubutuna ba ya tafiya da magana. Na zauna na sake daidaitawa kyauta, har yau rabin kuɗina yana wurinsa, in na kira sai ya ce kasuwa ce ba ta motsi. Ƙanena, kafin ka taɓa komai ka sa ya rubuta maka a saƙo cewa wannan shi ne bidiyon ƙarshe, ba za a sake yanka ba, in an yanka sabon caji ne. Ka karɓi rabi kafin ka fara. Ka miƙa kashi uku, sauran ukun sai cikon ya shigo. Gyara zagaye ɗaya kyauta. Ba rashin yarda ba ne, ko a kasuwar Kara ba a kora dabba sai an yi sallama.

Wani abu kuma: in ya nemi na Hausa ma, tunda ka riga ka kwafe maganar, ka sayar masa daban a kan ɗan ƙaramin kuɗi. Amma ka adana fayil ɗin a UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya, "ƙarfi" ta zama "?arfi". Ka buɗe shi a wayarka ka gani kafin ka tura. Ka kuma tambaye shi ko daidaitacciyar Hausa yake so ko a bar "munka" da "sunka" yadda suka fito.

Baba Tafinta: A bar su yadda sunka hito.

Ɗan Mabera: Na kira shi na yi masa lissafin. Ya ce 30,000 ta yi masa nauyi, amma zai iya 5,000 a kan kashi na farko, in masu saye sun yi magana mu ci gaba da sauran a haka. Ya turo 2,500 yanzu. Malam, waƙar da dukawan suke yi suna aiki a minti na shida, ita ma fassara ta zan yi ko in rubuta cewa ana waƙa kawai?