Layina ya mutu da daddare, an kwashe mini kuɗi

Mai tambaya, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i sabis ya ɗauke a wayata, ga kuma sim yana ciki. Da safe na je banki, ashe dubu 240 na kayan shagona a Kasuwar Barci sun fita. Don Allah ta ina zan fara?

Wani ɗan Kawo: Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Walkam bak aka yi wa layinka. Wani ne ya samu bayananka, ya je ya ce sim ɗinsa ya ɓata, aka ba shi sabo da lambarka. Nasa na tashi naka ya mutu, duk OTP da alat na banki suka koma wajensa. Da su yake sake lambar sirrinka ya yi taransifa.

Ka fara da banki, ba da layi ba. Su rufe asusun da katin da USSD gaba ɗaya, ka rubuta ƙorafi, ka karɓi lambar ƙorafin da sitatimen. A nan za a ga asusun da kuɗin suka faɗa, kuma in an yi sauri bankinka zai iya neman a riƙe su kafin a cire. In kana da wani asusu a kan wannan lambar, shi ma ka rufe.

Daga nan ka je babban ofishin kamfanin layin da kanka, ba rumfar bakin titi ba. Ka riƙe takardar NIN da kwalin sim, in kwalin ya ɓata sai afidabit na kotu. Za su tambaye ka lambobin da ka fi kira da katin ƙarshe da ka sa, su ɗauki yatsanka. Ka nemi su gaya maka ranar da aka canza sim ɗin da wurin, 'yan sanda za su buƙaci hakan. In suka yi ta maka yawo da hankali, ka kira NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin layi, a 622, kyauta ne.

Wata 'yar Unguwar Rimi: Malam, da ka sa wa sim ɗinka PIN da hakan bai faru ba.

Ɗan Kawo: Hajiya, PIN na maganin ɓarawon da ya sace waya ne. Wannan sabon kati suka ciro, PIN ɗin tsohon bai shafe shi ba. Amma ya sa a sabon, kada dai ya yi kuskure sau 3, sai an nemi PUK, lambar buɗe sim in ya kulle.

Wani ɗan Rigasa: Ni WhatsApp suka ƙwace mini, suna ta roƙon kuɗi da sunana. Ko da layin ya dawo sai da na jira kwana 7, don sun sa nasu PIN a WhatsApp ɗin. Ka sanar da 'yan'uwa yanzu, in ka shiga WhatsApp kuma ka kunna Two-step verification, wato ka sa naka PIN, ka canza fasuwod na imel.

Mai tambaya: Na gode. An rufe asusun, gobe ofishin layi. Kuɗin fa, suna dawowa?

Ɗan Rigasa: Maƙwabcina ya samu rabi. Ƙanwata har yau tana zarya.