Amsata kan shirin karatu ta saɓa da abin da ke cikin takarduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Maraɗi nake, na samu gurbin karatun digiri na biyu a Amurka fannin kimiyyar ƙasar noma, kuma ranar ganawata ta bizar F-1 a ofishin jakadancinsu ta matso. Na cike DS-160 na tura, na biya kuɗin SEVIS, I-20 tana hannuna.

Ga inda na maƙale. Lokacin neman gurbi na rubuta wa jami'ar cewa bincikena a kan gero ne, da yadda ƙasa ke gajiya a gonakinmu. Daga baya malamin da zai kula da ni ya mayar da ni kan ban ruwa a noman rani. Fannin da ke kan I-20 bai canja ba, batun binciken kaɗai ya canja.

Na yi gwaji da wani yayana da ya taɓa shiga irin wannan ganawa. Da ya tambaye ni abin da zan karanta na ce ban ruwa, da ya ce me ya sa wannan jami'ar sai bakina ya koma kan gero, don shi na haddace. Nan take ya ce jami'in zai ɗauka labari biyu nake bayarwa, ga shi 'yan mintuna kawai ake ba mutum. Na gwada haɗa su a amsa ɗaya, ta yi tsawo, Turancin ma ya riƙa kakare mini.

Waɗanda suka shiga, don Allah: in faɗi canjin da kaina tun a amsar farko, ko in tsaya kan sunan fannin da ke I-20 har sai an tambaye ni? Na gode.