Tallan da ya kawo min mutum 40 da wanda ya kawo 12, wanne zan maimaita?

Mai Yogot na Tumfure:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wasu a nan sun san sana'ata, ina kai yogot da fura gida gida a cikin Gombe kullum da safe, ana biya na wata wata, dubu 12. In na cire madara da suga da roba da man mashin da ɗan abin da nake ba yaron da ke kaiwa, dubu 4 ke rage min a kan kowane gida. Toh wata shida da suka wuce na yi talla iri biyu, kowanne na kashe masa dubu 60. Na farko a Fesbuk da Instagiram, na ce watan farko rabin kuɗi, dubu 6, wlh wayata har zafi ta yi saboda saƙonni, mutum 40 suka shiga, dubu 240 ta faɗo asusu cikin sati biyu. Na biyun takarda na buga na bi ofisoshi da makarantu da ƙafata, na kuma biya masu wasu gurup na matan ma'aikata suka saka min, babu ragi ko sisi, mutum 12 kacal na samu, dubu 144. A lokacin cewa na yi na biyun asara ne. Jiya da daddare na zauna da littafina sai na ga cikin 40 ɗin nan biyar ne kawai suka rage, cikin 12 ɗin kuma tara suna nan. Yanzu ina da dubu 60 a hannu zan sake talla, kaina ya ɗaure. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka da abin da ya gani.

Baban Wanki, Bolari:
Wa'alaikumus salam. Ni dai lissafina na ɗan kasuwa ne, ka sa 60 ka ga 240, ninki huɗu ke nan, ɗayan ko ninki uku bai kai ba. Ni ma wanki da guga nake na biyan wata kuma na koyi cewa kuɗin da ke hannu shi ne kuɗi. Mai shagon da nake haya ba ya jin labarin wai kwastoma zai daɗe da ni, ranar biya ranar biya ce.

Malamin Lissafi, Fantami:
Baban Wanki ka yi gaskiya a rabi, zan dawo kan rabin. Amma 240 ɗin nan ba kuɗin Mai Yogot ba ne, ciniki ne, kuma cinikin faɗuwa. Shi ya ce yana cin ribar dubu 4 a kan dubu 12, ke nan kowane gida yana cin masa dubu 8 a wata. Ya karɓi dubu 6 ya kai kayan dubu 8, kowane mutum ɗaya cikin 40 ɗin ya tafi masa da dubu 2, dubu 80 ke nan, a haɗa da 60 na talla, ya rufe watan farko yana cikin ramin dubu 140. Ragin da ka yi wa mutum don ya shigo shi ma kuɗin talla ne, kawai dai ba Fesbuk ka miƙa wa ba. Na biyun kuwa 12 sau dubu 4 ya ba da 48, a cire daga 60, ramin dubu 12 ne kawai. Ƙanina turo min adadin waɗanda suka biya a kowane wata, kowane rukuni daban, kada ka haɗa su.

Mai Yogot na Tumfure:
Malam ga su, daga watan farko zuwa na shida.
Na Fesbuk: 40, 14, 8, 6, 5, 5
Na takarda: 12, 11, 10, 10, 9, 9
Allah ya taimake ni ina rubuta inda kowa ya ji labarina a gefen sunansa, ba don dabara ba, matata ce ta matsa.

Malamin Lissafi, Fantami:
Ka gode wa Hajiya, wannan layin da ta sa ka ja a littafi ya fi duk abin da wayarka za ta nuna maka. Ko waɗanda ke da shafin saye da aka haɗa da Ads Manager, wurin sarrafa talla na Fesbuk, lambar ROAS da suke gani, wato cinikin da kowace naira ta talla ta kawo, galibi abin da aka saya cikin kwana 7 bayan danna tallan take ƙirgawa, biyan wata na uku da na huɗu ba ruwanta da shi, balle kai da ake turo maka kuɗi ta tiransifa.

Toh mu bi su. Na Fesbuk daga wata na biyu zuwa na shida an biya ka cikakken kuɗi sau 38, wato 14 da 8 da 6 da 5 da 5. Sau dubu 4, dubu 152. Ka cike ramin 140, abin da ya rage maka bayan wata shida na tashin asuba dubu 12 ne, kuma sai a wata na shidan ma ka fito daga ramin, a na biyar kana bin kanka bashin dubu 8. Na takarda an biya ka sau 61, dubu 244, cire 60, saura dubu 184, kuma tun a wata na biyu kuɗin tallanka ya dawo har da ɗoriya. Mutum ɗaya a Fesbuk dubu ɗaya da ɗari biyar ya tsaya maka in ka kalli talla kaɗai, na takarda dubu 5, shi ya sa na farkon ya yi kama da araha. Amma in ka raba dubu 140 ɗin a kan mutum biyar da suka zauna, kowannensu dubu 28 ka saye shi.

Hajiya Mai Kosai da Kunu, Jekadafari:
Ni kam matsalata masu cin bashi ne, a kai musu kaya wata guda cur sai su ce albashi bai shigo ba. Shawarata ɗana kada ka kai wa kowa sai ya biya tukun.

Mai Yogot na Tumfure:
Hajiya na gode, amma ba bashi ba ne, kafin a fara kaiwa ake biya na. Tafiya kawai suke yi in wata ya ƙare.

Hajiya Mai Kosai da Kunu, Jekadafari:
Toh ka tabbata tafiya suka yi? Don ni na sha cire suna a littafi ranar ɗaya ga wata, ranar takwas sai ga mata ta aiko yaro da kuɗi tana faɗa wai me ya sa aka daina kawo mata.

Malamin Lissafi, Fantami:
Hajiya ba ta kauce ba fa. Wanda albashinsa ya makara bai bar ka ba, in ka rubuta shi a waɗanda suka tafi ka ɓata lissafinka kuma ka rasa shi a banza. Ni da zan ba da kwana goma kafin in ja wa suna layi.

Ɗan Waya, Tudun Wada:
Ni wannan lissafin na tsawon zaman kwastoma ya taɓa ƙona ni shi ya sa nake tsoronsa. Ina sayar da wayfay na wata ga ɗalibai a gidajen haya kusa da jami'a, na karanta cewa in kashi 5 cikin ɗari ke tafiya a wata to mutum zai zauna wata 20, na ninka da ribata na ga kuɗi mai kyau, sai na ƙara kuɗin talla har na ci bashi na ƙaro rawuta biyu, ina cewa ai za su biya a hankali, kawai aka gama jarabawa aka tafi hutu, unguwa ta zama kamar an yi shara, da aka dawo rabinsu sun canza gida. Ɗalibi ba ya wuce min wata huɗu komai daɗin sabis. Tun daga nan dokata ita ce in talla bai dawo da kuɗinsa a biya na farko ko na biyu ba, na kashe shi.

Malamin Lissafi, Fantami:
A sana'arka dokarka daidai ce, don zangon karatu ne ke yanke maka tsawon zaman mutum. Lissafin da ka yi shi ne wannan, in an buga a Excel da ribar Mai Yogot ta dubu 4 da kashi 5 ɗin naka:

```
=4000/0.05
```

Zai ba ka dubu 80 a kan kowane gida. Matsalarsa yana ɗauka cewa mutane na zubewa daidai wa daida kowane wata har abada, kuma ba haka ake ba. Dubi na Fesbuk, 26 cikin 40 sun fice a tashi ɗaya, amma biyar ɗin ƙarshe ba su motsa ba, wataƙila ma su kai na takarda daɗewa. Na takardan kuma mutum 12 ne fa, a canza wa biyu wurin aiki zuwa Kaltungo ko Bajoga lissafin ya juye. Ga kuma naira, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, dubu 4 da za ka karɓa nan da wata 18 ba dubu 4 ɗin yau ba ce. Don haka ni ba na ƙirga abin da ya wuce wata shida, kuma abin da ya riga ya shigo nake ƙirgawa, ba wanda nake fata ba. Nan ne rabin gaskiyar Baban Wanki take: ka tambayi kanka wata nawa za ka iya zama cikin rami kafin mai madara ya daina ɗaga wayarka.

Baban Wanki, Bolari:
Yauwa Malam. Kuma dubu 4 ɗin ma ba tabbas, da rani madara tsada take, ga mai tun da aka cire tallafi a 2023. Gidan da ke can bayan Shongo da wanda ke maƙwabtaka da kai ba riba ɗaya ba ne ko da kuɗi ɗaya suke biya.

Mai Yogot na Tumfure:
Wannan haka yake, na Fesbuk a warwatse suke, har Nasarawo yaro ke zuwa saboda gida ɗaya. Toh ke nan in bar Fesbuk in koma takarda? Akwai kuma gida uku da matan ofis ɗin nan suka kawo min daga baya, maƙwabtansu, ban sa su a 12 ɗin ba, ban san ina zan ajiye su ba.

Malamin Lissafi, Fantami:
Kada ka yi saurin yanke wa Fesbuk hukunci, abu biyu ka canza a lokaci ɗaya, wurin talla da farashi. Ba mu sani ba ko Fesbuk ne ke kawo masu tafiya ko rabin kuɗin ne ya kira masu son ɗanɗano. Ni da zan raba 60 ɗin, 40 takarda, 20 Fesbuk a cikakken farashi kuma a taƙaita shi ga unguwannin da mashin ke bi dama, sai a duba wa ya sake biya a wata na biyu da na uku, don a nan aka rabu a karon farko. Gida ukun kuma ni a ƙarƙashin takarda zan sa su.

Ɗan Waya, Tudun Wada:
A'a Malam a nan ban yarda ba, yogot ɗin ne ya kawo su ba takarda ba, da ya yi tsami sau biyu ba mai faɗa wa maƙwabciya. Kuma ofisoshin Gombe nawa ne gaba ɗaya? Zagaye na biyu ba lallai ya samu 12 ba, masu so sun riga sun shiga.

Mai Yogot na Tumfure:
Akwai makarantu biyu a Federal Lokos da ban shiga ba, da asibiti ɗaya. Litinin zan je in Allah ya kai mu, takardun ma saura kusan ɗari a leda.