Na biya kuɗin shekara, don me ba zan sa wanda nake so a shagon ba?

Mai tambaya, daga Bayan Kara, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Na kama hayar shago a watan Janairu, shekara ɗaya, naira 240,000, na biya duka. Bayan wata huɗu harkar albasa ta mayar da ni Aliero, sai na ba abokina shagon ya ƙarasa wata takwas, ya ba ni 200,000. Ya sa injin niƙa, daɓe ya tsage. Yanzu mai shago ya ce mu fita mu duka, kuma ni zan yi gyara. Ni a ganina wanda ya biya shekara, shagon nasa ne har shekara ta cika. Ina laifina?

Dillali, Badariya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ka da laifi ko kaɗan. Shekara ashirin ina wagga sana'a, kuma haka munka taras ana yi. Mutum ya biya kuɗinai, tafiya ta kama shi, sai ya rufe shago ya yi hasarar wata takwas? Mai shago ya amshi haƙƙinai cif, ko sisi bai bi ka. Gyaran daɓe kuma na wanda ya kafa inji ne, shi za a bi.

Barista: Kawu Dillali, rabin maganarka daidai ce, sauran rabin kuwa ita ce ke kai mutane gabanmu. Kafin na ce komai, ɗan'uwa mai tambaya, kun yi takarda? In kun yi, karanto mana abin da ta ce game da sa wani.

Mai tambaya: Mun yi, Barista. Akwai layi da ya ce ba zan ba wani shagon ba, ko duka ko sashe, sai da izinin mai shago a rubuce. Amma na gaya wa ɗansa, wanda ke karɓar kuɗin haya, ya ce mini ba komai.

Barista: To, nan maganar take. Inda Kawu yake da gaskiya shi ne, da babu wannan layin, asalin ƙa'idar dokar haya da muka gada daga Ingila ta ba ɗan haya damar ya sa wani. Amma kai ka sa hannu cewa ka sarayar da wannan damar sai an yarda maka a rubuce. Kuɗin da ka biya ya saya maka zama a shagon ne bisa sharuɗɗan takardar, bai goge ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sannan mutane na cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai haya kan haya: ka ba wani sashen shagon, ko ka ba shi duka na ɗan lokacin da bai kai ƙarshen wa'adinka ba, misali wata biyar cikin takwas, da nufin ya dawo hannunka. A nan kai ne mai gidan abokinka, shi kuwa Alhaji mai shago bai san shi ba, babu alƙawari tsakaninsu. Bai iya binsa kuɗin haya, kai zai bi. Akwai kuma miƙa haya gaba ɗaya: ka ba shi duk abin da ya rage maka, har ranar ƙarshe, ka tafi abinka. Abin da ka yi ke nan, tunda wata takwas suka rage kuma takwas ɗin ka ba shi. A irin wannan, abokinka ya shiga takalminka, Alhaji na iya binsa kan lalata shagon. Sai dai hakan bai cire ka ba, domin sa hannunka yana nan kan takardar farko. Alhaji yana da zaɓi, kuma kowa ya san wanda zai fara nema: wanda ya sani, ya kuma riƙe takardarsa. Don haka batun cewa gyara na mai inji ne kaɗai, ba haka ba ne. Ka biya, daga baya ka bi abokinka.

Malam, Makerar Gandu: Allah ya saka wa Barista. Ina son in ƙara ta fuskar fiƙihu, don kada a ɗauka haya kan haya haramun ce a kanta. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi haya ya mallaki amfanin abin har tsawon wa'adi, yana iya ba wani haya, ko da da ƙari ne. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya tambayi Ibnu Shihab game da mutumin da ya hayi dabba sannan ya bayar da ita haya da fiye da abin da ya biya, ya ce babu laifi. Saboda haka 40,000 ɗin da ta hau kan 160,000 na wata takwas, a wurinmu ba ita ce matsalar ba, ko da yake Hanafiyya sun ce a yi sadaka da irin wannan ƙarin in bai gyara komai a wurin ba. Amma malamanmu sun sa ƙaidi: wanda za ka sa ya zama kamarka wajen amfani, ko wanda cutarwarsa ga ginin ba ta kai taka ba. Kai kayan masarufi kake sayarwa, shi injin niƙa ya kafa, mai girgiza ƙasa daga safe har dare. Ko babu takarda, ka wuce iyaka. Balle ga sharaɗi, kuma hadisi ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Dillali: Malam, na yarda da zancen inji. Amma yaron nan ya nemi izni. Ɗan Alhaji ya ce ba komi. A garin ga maganar baki ba ta da daraja kuma?

Alhaji mai gidajen haya, Gesse: Tana da daraja, amma bakin wa? Ni ma ɗana ke karɓar mini kuɗi, ban taɓa ba shi ikon sauya mini ɗan haya ba. Ku gane, lokacin da muke ba mutum shago, ba kuɗinsa kaɗai muke dubawa ba. Muna tambayar sana'arsa, da inda ya fito, da wanda ya tsaya masa. Na taɓa ba wani tela shago, bayan wata uku na zo na tarar da mai sayar da fetur a jarka, ga ɗakin iyalin wasu a bayan bangon. Da wuta ta tashi, ni mai unguwa zai kira. Tun ranar ba na ba da shago sai da wannan layin.

Wani matashi, ɗalibi: Don Allah Barista, ni ƙanena ya zo daga Yauri yana kwana ɗakina na haya. Ke nan ni ma na karya doka?

Barista: A'a ƙanena, naka daban ne. Kana nan a ɗakin, makulli na hannunka, ba ka sakar masa wurin ba. Baƙo ne. Sai fa in takardarka ta ƙayyade yawan masu kwana.

Na koma kan maganar Kawu. Izinin baki ba banza ba ne a kowane hali, amma wahalarsa biyu. Ta farko, sai ka tabbatar an faɗe shi, kuma ranar da aka je gaban alƙali ɗan Alhaji yana iya cewa shi ya ɗauka yaron shago za ka bari. Ta biyu, sai ka tabbatar mai faɗin yana da ikon faɗa. Akwai dai wata ƙofa da ya kamata ka duba. Idan mai shago ya san an sa wani, ya kuma ci gaba da karɓar kuɗin haya bayan saninsa, kotu kan ɗauka ya yafe damar korar ɗan haya a kan wannan saɓawar. Sai dai kai ka biya duka tun Janairu, babu wani kuɗin da ya karɓa daga baya, don haka ƙofar nan ƙarama ce a wurinka. Abu na gaba, sake duba takardar: ta ce in ka saɓa sharaɗi yana iya karɓe shagonsa kafin wa'adi? In ta faɗa, yana da hujjar neman ku fita. In ba ta faɗa ba, abin da ya fi ƙarfi a hannunsa shi ne diyya da kuɗin gyara. Ko wanne ne, ba shi da ikon ya sa kwaɗo a ƙofa ko ya fitar da inji da hannunsa. Sai ya ba da sanarwa a rubuce, ya bi ta kotu.

Hajiya mai abinci, Rafin Atiku: Ku yi haƙuri in sa baki, duk kuna maganar mai shago da ɗan haya, ba wanda ya tuna da na ukun. Ni aka yi wa haka. Na ba wani bawan Allah kuɗin wata shida na rumfar da ke gaban shagonsa, na sa siminti, na kafa murhu, ciniki ya fara kankama. Ashe shi kansa ɗan haya ne, kuma ana binsa bashi. Da mai gida ya karɓe shagonsa, na je ina kuka na nuna masa rasiɗina, ya ce Hajiya ki yi haƙuri, wannan ba hannuna ba ne, ban san ki ba. Har yau ban ga kuɗina ba. Abokin nan naka da ya ba ka 200,000, ka gaya masa akwai wannan layin a takarda?

Mai tambaya: Gaskiya ban gaya masa ba, Hajiya. Ni kaina na manta da shi.

Barista: Abin da ya sami Hajiya shi ne haɗarin haya kan haya: ta ƙasa tana rataye da ta sama, in ta sama ta faɗi, ta tafi da ita. Ɗan'uwa, ga abin da zan yi da ni ce kai. Kada ka jira sammaci. Ka samu dattijon da Alhaji ke jin nauyinsa, ku je tare da abokin naka. A kira magini ya ƙiyasta gyaran daɓe a gaban kowa, ku biyu ku raba yadda kuka daidaita. Sannan ku roƙi Alhaji ɗaya cikin biyu. Ko dai ya ba da izini a rubuce, takardar ta ambaci sunan sabon mutumin, da sana'ar da aka yarda ya yi, da ranar fita, da wanda zai biya kuɗin wuta da gyara, Alhaji da kansa ya sa hannu, da shaidu biyu. Ko kuma, wanda ya fi maka tunda ba dawowa za ka yi ba, ka sallama masa shagon, ya rubuta cewa ya sake ka, ya ƙulla sabuwar haya da abokinka kai tsaye. Izini kaɗai bai sake ka ba, sai an rubuta sakin a fili. In kuwa ya ƙi inji sam, to watannin da abokinka bai ci ba suna wuyanka. Wata ɗaya a lissafinku 25,000 ne.

Dillali: To in Alhaji ya ce sai an ba shi wani abu kafin ya sa hannu hwa? Na ga anka yi haka ba sau ɗaya ba. Wani ma cewa zai yi 40,000 ɗin nan tasa ce, tunda da shagonai anka same ta.

Alhaji mai gidajen haya: Ni dai ina ganin yana da gaskiya in ya nema. In tela na ba, aka kawo mini mai inji, ai kuɗin hayar ba ɗaya ba ne.

Malam: Alhaji, in sabuwar haya aka ƙulla da mai inji, ka sa farashin da kuka yarda, wannan ciniki ne. Amma karɓar kuɗi a kan sa hannu kawai, bayan an biya ka watannin nan cif, zuciyata ba ta natsu da shi ba. Zan koma in duba, in tambayi na gaba da ni.

Mai tambaya: Na gode muku duka. Ranar Juma'a zan shigo daga Aliero, zan nemi limamin unguwarmu ya raka mu. Barista, zan turo miki hoton shafi na biyu na takardar yau da dare, a nan nake zaton zancen karɓe shago yake.