Kafin ka ɗora bidiyon bikin mutane

Masu ɗaukar bidiyo na Katsina sun tattauna kan bidiyon kamu da ake turawa manhajojin AI don su ƙara masa haske. Yawanci aikin ba a wayarka ake yinsa ba, bidiyon yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfanin, sau da yawa a wata ƙasa. Don haka kafin komai, a duba sharuɗɗansu: kwana nawa suke ajiye shi, kuma suna horar da manhajarsu da shi? In ba su faɗa ba, a haƙura.

Inda aka fi daɗewa shi ne izini. Ango ne ya biya, amma fuskokin na amarya ne da ƙawayenta, wasu matan aure ne da suka sauke mayafi saboda taron mata ne. Yardarsa ba ta wadatar ba, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana buƙatar yardar iyaye kan yara.

In tura bidiyon ya zama dole, a yanko daƙiƙa goma da ake buƙata kawai, a cire sauti, a goge bayanin GPS da waya ke liƙa wa fayil. Goge shi daga asusunka ba lallai ya goge kwafinsu ba.