Saka mutum a tsakiyar hoton taro: wasu a gabansa, wasu a bayansa

Sagir Mai Hoto:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. An kawo mini hoton ɗaurin aure mai sahu uku: dattawa a zaune kan kujeru, abokan ango a tsaye a bayansu, sai wasu samari can baya. Yayan ango bai samu zuwa ba, iyali suna so a saka shi a sahu na biyu kusa da ƙaninsa. Na yanke shi tsaf a Photoshop daga hoton da suka turo, amma da na ɗora shi sai ya rufe hular dattijon da ke zaune, ya zama kamar yana tsaye a kan cinyarsa. Ina so dattijon ya rufe shi daga ƙirji zuwa ƙasa, shi kuma ya rufe samarin baya. Wanda ya taɓa yin irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Ɗan Gayu Edita:
Wa alaikumus salam. Oga ai wannan mai sauƙi ne, ka shiga Select Subject ya zaɓo maka mutanen, ka cire bangon gaba ɗaya, sai ka sa musu farin bango ko na ɗakin taro. Ni haka nake yi wa kwastomomina kuma suna yabawa.

Sagir Mai Hoto:
Na gode ɗan'uwa, amma ba bango nake son canzawa ba. Bangon yana nan yadda yake, mutum nake son cusawa tsakanin mutane.

Bashir Zariya:
Ni abin da nake yi shi ne in rage Opacity ɗin mutumin zuwa 50 don in riƙa hango wanda ke ƙarƙashinsa, sai in ɗauki Eraser in goge duk inda na gaba ya kamata ya fito, sannan in mayar da shi 100. Na yi wa wata makarantar Islamiyya haka a hoton saukar karatu, yaro ɗaya ya makara, kuma har yau babu wanda ya gane.

Malam Habu Situdiyo:
Bashir, rage Opacity ɗin daidai ne, kowa da haka yake gani. Gogewar ce ba na so. Abin da ka goge ya tafi ke nan, kuma a aikin biki da wuya ka gama ba a ce maka "ɗan matsar da shi kusa da ango" ba. Da ka matsar da shi, ramin da ka goge zai bi shi, sai ka ga ɓarin rigarsa babu.

Sagir, kafin ka taɓa komai ka fara tsayar da wurinsa da girmansa. Kada ka auna da tsawon jiki, don ƙafafunsa ma ba za su fito ba, kuma kada ka auna da hula, don wata doguwa ce wata gajera. Ka auna fuska, daga haɓa zuwa gira, ka daidaita ta da ta mutanen da ke sahun da zai tsaya, ba na sahun gaba ba. Dalili kuwa, idan dattawan suna mita 4 daga kyamara, samarin baya suna mita 5, fuskar na baya za ta fito kusan kashi 80 cikin 100 na ta gaba. Idan ka ba shi fuskar sahun gaba alhali yana sahu na biyu, ido zai ce a gaba yake ko da ka rufe rabin jikinsa. Kafin ka rage shi da Ctrl+T ka yi masa Convert to Smart Object, don ko ka rage ka ƙara sau da yawa ba zai dushe ba.

Bayan nan sai ka koma kan hoton asali. Ka zagaye dattijon da Pen Tool, daga hula zuwa ƙasa, iya inda baƙon da kake sakawa ya rufe shi. Ka mayar da layin ya zama zaɓi, ka danna Ctrl+J, ka ja sabuwar leyar zuwa sama da baƙon. Yanzu kana da uku: hoton asali a ƙasa, yayan ango a tsakiya, kwafin dattijo a sama. Ka kulle ta saman da Lock Position nan take, don idan ta gusa ko da fiksel biyu ne za ka ga dattijo da kunne biyu a gefe ɗaya. Samarin baya ba sai ka yi musu komai ba, tunda suna cikin hoton asali, duk abin da ka ɗora zai rufe su.

Sagir Mai Hoto:
Malam Habu, Allah ya saka da alheri, ya shiga. Sai dai yanzu akwai wani siririn layi shuɗi da ya zagaye hular dattijon. Yayan ango farar shadda ya sa, shi ya sa layin ya fito fili.

Malam Habu Situdiyo:
Wannan shuɗin rigar wanda ke bayan dattijon ce a hoton asali, ka kwaso bakinta tare da hular. A da ba a ganinta saboda tana kan rigar da ta fito daga ciki. Ka riƙe Ctrl ka danna ƙaramin hoton leyar don zaɓin ya dawo, ka shiga Select > Modify > Contract ka sa 1, sannan Feather ka sa 0.5, sai ka danna alamar Layer Mask. Idan hoton babba ne sosai, 2 za ka sa a Contract. Kada ka cika Feather, in ba haka ba bakin hular zai yi hazo alhali sauran hoton garau yake.

Maryam Zane:
Sannunku da ƙoƙari. Malam Habu, hanyarka tana aiki, amma ni na bar ta tun da aka kawo mini hoton kamu mai mata fiye da ashirin, aka ce in saka ƙanwar amarya. Kafaɗarta ta dama tana bayan wata, ta hagu tana gaban wata, ga yarinya a tsaye a gabanta, ga hannun amarya da ake so ya zama kamar ya dafa ta. Da na bi hanyar kwafi sai da na tara leya huɗu a sama, kuma da na zo gyara hasken hoton asali sai kwafin suka zauna da tsohon launi, fuska ɗaya ta zama kala biyu.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina sa mutumin cikin Group da Ctrl+G. Shi kansa yana da nasa Layer Mask na yanke shi daga hotonsa, wannan ba na taɓawa. Sai in sa wa Group ɗin wani Layer Mask daban, a kansa nake shafa baƙi duk inda wani ya kamata ya rufe shi. Idan na wuce wuri sai in danna X in koma fari in dawo da shi. Amfaninsa, ramukan suna zaune a inda mutanen gaba suke, ni kuma ina iya jan mutumin a ciki hagu ko dama yadda nake so. Kuma babu kwafin kowa, hoton asali ne ke leƙowa ta ramin.

Kuma Sagir, ka duba gefensa. Ba gaba da baya ne kaɗai ba. Mutanen da suka jeru a hoto kafaɗunsu suna hawa juna ne, ɗaya a kan ɗaya. Idan kafaɗunsa biyu duk suka fito cikakku a kan maƙwabtansa, zai yi kamar ya tako gaba da su. Ka bar kafaɗar ango ta rufe tasa kaɗan.

Malam Habu Situdiyo:
Hajiya Maryam, na yarda da ke idan mutanen da yawa. Amma matsalar launin tana da magani: duk gyaran haske a sa shi a can saman komai, ba a kan hoton asali ba. Ni ga mutum ɗaya ko biyu har yanzu kwafi ya fi mini, don ina iya gyara bakinsa ba tare da na taɓa asalin ba. A hanyarki ma shuɗin layin nan yana fitowa idan baƙin ya wuce bakin hular.

Maryam Zane:
Yana fitowa, gaskiya ne, sai an matso da farin ciki kaɗan. Kowa da hannunsa.

Nura Agadas:
Ni da waya nake aiki, ba ni da kwamfuta. A PicsArt ina buɗe hoton taron, in ƙara mutumin da Add Photo, sannan in sake ƙara hoton taron a samansa in goge komai sai na gaba. Wahalar ita ce daidaita kwafin da asalin, da yatsa ba ya zama daidai. Abin da ya fi mini sauƙi shi ne in goge jikin mutumin kawai kamar yadda Bashir ya ce, amma sai na tabbatar da wurinsa tukuna.

Abin da nake son tambaya daban ne. An ba ni hoton mahaifin wata amarya da ya rasu, tsohon hoto ne na kati da aka ɗauka da waya. Na saka shi a tsakiya, jerin ya yi daidai, amma fuskarsa ta fi ta kowa laushi. Yaya zan yi?

Malam Habu Situdiyo:
Allah ya jiƙansa. Nura, abin da babu a tsohon hoton ba za ka ƙirƙiro shi ba. Ka nemi su kawo katin a yi masa sikanin maimakon ɗauka da waya. Idan bai samu ba, ka sa shi a sahun da fuska ta fi ƙanƙanta, laushin zai ragu. Kuma ka nuna wa iyalin kafin a wanke, don wasu ba sa so a haɗa mamaci da taron da bai gani ba.

Sagir, saura inuwa, ita ce ke zaunar da shi. Guda biyu kake bukata. Ta farko a jikinsa: sabuwar leya a samansa, ka ɗaure ta da shi da Ctrl+Alt+G, ka sa ta Multiply, ka shafa launi mai duhu da buroshi mai laushi, ƙarfinsa kamar 10 zuwa 15, daidai bayan hular dattijon da inda kafaɗar ango ta hau tasa. Ta biyu a ƙarƙashinsa, a kan rigunan samarin baya. Ka duba inuwar ƙarƙashin hanci da haɓar mutanen taron don ka san ta ina haske ya zo. Idan nasa ya zo ta ɗaya gefen, za ka so ka yi Flip Horizontal, amma ka kula idan babbar riga ya sa: aikin da aljihun a hagu suke, da ka juya su za su koma dama, kuma duk Bahaushen da ya kalla zai ga wani abu ba daidai ba.

Sagir Mai Hoto:
Kaftani ne, kuma hasken ya zo ɗaya, alhamdulillahi. Na sa inuwar, ya zauna. Kansa ya rufe rabin fuskar wani saurayi a baya, sai na yi masa Group kamar yadda Anti Maryam ta ce na matsar da shi dama kaɗan, fuskar ta fito.

Maryam Zane:
Madalla. Ni inda har yanzu nake shan wuya shi ne mayafi mai shara-shara. Idan ta gaban ta yafa shi, ana hango abin da ke bayanta ta ciki, kuma abin da ake hangowa tsohon bango ne, ba wadda na saka ba. Idan mayafin fari ne kuma bayansa duhu, kwafinsa a Screen yana ɗan taimakawa. Idan baƙi ne mai duwatsu ko bayansa atamfa ce mai zane, zanen yana biyo shi.

Bashir Zariya:
Ni a nan launin toka nake shafawa maimakon baƙi, sai rabi ya fito rabi ya ɓuya.

Maryam Zane:
Na gwada, Bashir, sai bangon biyu suka gauraya, tsohon zanen yana nan a kan rigarta. A hoton kamun nan dai matsar da ita na yi zuwa bayan wata mai ɗaurin ɗankwali kawai. Malam Habu, idan an taɓa kawo maka mai baƙin mayafi, ina son jin yadda ka yi da shi.