Kamfanin da na dogara da shi ya sallame ni, ina zan dosa?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, kaina ya kulle. Ni mai dizain ne a nan Kano, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi. Shekara uku ke nan ina yi wa wani kamfanin kayan sha da ke Sharaɗa aiki: sitikar roba, kwali, banar talla, da tallan da suke sawa a Facebook. A wajen ɗaurin auren abokin yayana na haɗu da Alhajin mai kamfanin, ya ga katin gayyatar da na yi, ya tambayi wanda ya yi shi. Tun daga nan ya riƙe ni kamar ɗansa, ko da aka yi mini haihuwa shi ya aiko da rago. Duk wata yana ba ni dubu 250. Sauran 'yan ayyukan da nake tsinta ba sa wuce dubu 40, don yawanci ma cewa nake ba ni da lokaci. Satin da ya wuce manaja ya kira ni ya ce ɗan Alhaji ya gama hidimar ƙasa, shi zai riƙa yin dizain ɗin da manhajar Canva. Kuɗin haya ya kusa, ga iyali. In koma in roƙi Alhaji ko da rabin kuɗin ne, ko yaya zan yi?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Allah Ya musanya da mafi alheri. Ka je ka same shi a gida bayan Isha'i, kada ka bi ta ofis. Manyan nan ba sa son a yi musu zuciya. In bai yiwu ba ka nemi wani Alhajin, Kano cike take da su, daga Bompai har Challawa.

Baban Khalifa: Ƙanina, je ka gaishe shi don zumunci, amma ban da roƙo. Ni ɗaukar hoto da bidiyo nake, kuma abin nan ya taɓa samuna da wata ƙungiya da kwangilarta ta ƙare ba sanarwa. Yi lissafi: dubu 250 cikin 290 kusan kashi 86 ne cikin ɗari. Wanda ke riƙe da wannan kason ubangidanka ne, sai dai ba shi da nauyin ba ka wa'adi ko kuɗin sallama. Shawarar Ɗan Kwari ta nemo wani Alhajin za ta sake mayar da kai inda ka fito.

Ƙa'idar da na sa wa kaina tun lokacin ita ce kada mutum ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigo mini. Ka nemi mutum biyar masu biyan dubu 60 a wata, ga dubu 300. In ɗaya ya tafi, kashi 20 ka rasa, za ka ji a jikinka amma tukunya ba za ta sauka ba. Kuma kada biyar ɗin su zama 'yan layi ɗaya. In duk 'yan Kantin Kwari ne, tare suke ciniki daga azumi zuwa Sallah, tare kuma kasuwa ke yi musu sanyi, ranar da ɗaya ya ce a dakata duka za su ce. Ka haɗa makarantar kuɗi da ke buƙatar talla kafin komawa a Satumba, da mai atamfa da ke zafi kafin Sallah, da gidan abinci ko kemis da ke tafiya duk shekara, da maɗaba'a guda da za ta riƙa turo maka aikin da ya yi mata yawa. Gida biyu maganin gobara, amma fa in ba katanga ɗaya suka haɗa ba.

Mai neman shawara: Yaya na gode, amma ba ku san Alhaji ba. Bai taɓa yi mini jinkirin biya ba ko sau ɗaya. Ƙananan kwastomomin nan na gwada su a baya, aikin dubu biyar sai a sa ka gyara sau goma, sannan ka yi ta bin cikonka. Shi ya sa na bar su.

Maman 'Yan Biyu: Wallahi gaskiyarka a nan. Ni tela ce, wata Hajiya mai haɗa lefe ce ke ba ni ɗinki, na watsar da matan unguwa saboda ita. Da ta samu mai araha ko sallama ba ta yi mini ba, har yau akwai cikon dubu 35 a wajenta. Da na koma wa matan unguwar, wasu cewa suka yi ai na zama telar manya. Mutane ba amana yanzu.

Baban Khalifa: Hajiya, Allah Ya fito miki da haƙƙinki. Ƙanina, gyara sau goma daga rashin sharaɗi yake zuwa. Kafin ka buɗe kwamfuta ka tura a rubuce ko ta WhatsApp ne: rabin kuɗi kafin alƙalami, gyara biyu kyauta, na uku da kuɗinsa, cikakken aiki ba ya fita sai ciko ya shigo. Masu biyan wata kuma ka ƙayyade musu, misali talla takwas a wata, biya a farkon wata, wanda zai tsaya ya ba da sanarwar wata guda. Ba zan ɓoye maka ba, mutum biyar sun fi mutum ɗaya wahala, waya ba ta hutawa, kuma za ka iya yin wata huɗu ko biyar kafin ka tara su. Tambayata: fayilolin dizain na CorelDRAW na sitikarsu suna hannun wa? Kuma sun biya ka watan ƙarshe?

Na Fagge: Tunda kana da kwamfuta mai kyau ka sayar ka buɗe POS mana. Ko ka jira zaɓen 2027, fosta kaɗai za ta fitar da kai.

Ɗan Kwari: Fostar siyasa? In ba a biya ka duka a hannu ba kada ka taɓa. Wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya, wanda ya ci ba ya ganuwa.

Malama daga Tarauni: Ban yarda da kashi ɗaya cikin uku ɗin nan ga kowa ba. In babban aiki ya zo ka ƙi shi saboda lissafi? Karɓa za ka yi, sai dai ka riƙa cire wani abu duk wata har ka tara kuɗin cefane da haya na wata uku, kuma ka ware yini ɗaya a mako na neman sababbin mutane ko da aiki ya yi maka yawa. Ga bajekolin KACCIMA, cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, da ake yi a Zoo Road wajen ƙarshen shekara, masu ƙananan masana'antu duk suna can. Ka ɗebi robobin da ka yi wa sitika ka zaga rumfa-rumfa. Wasu kamfanonin za su nemi rasit da asusun banki mai sunan kasuwanci, don haka in ba ka yi rajistar CAC ba ka yi.

Baban Khalifa: Malama, ban ce ya ƙi aiki ba. Cewa na yi da zarar mutum ɗaya ya haura kason, alama ce ta a fita nema. Abu ɗaya nake hange: kwali da sitika ba kamar tallan waya ba ne. Maɗaba'a na son launi a tsarin bugawa na CMYK, da rarar gefe ta yanka, ga lambar NAFDAC da wurin ranar lalacewa da dole su fito tsaf. Akwai yiwuwar ɗan Alhajin ya sha wuya a nan su dawo. In sun dawo, karɓe su a kan kowane aiki da farashinsa, a matsayin ɗaya cikin biyar.

Mai neman shawara: Fayilolin tun bara na ba manaja, ai Alhaji ne, ba zan hana shi ba. Na wata kuma sun ce sai ƙarshen wata. Na kira wata makaranta a Hotoro da na taɓa ƙin aikinsu, sun ce in zo Litinin, amma dubu 30 suke magana. Ni dai har yanzu ina ganin in na zauna da Alhaji zai duba.

Maman 'Yan Biyu: Ka fara karɓo na watan naka tukuna.

Ɗan Kwari: Dubu 30 ta yi kaɗan ko a karɓa? Baban Khalifa, me ka gani?